Sitof ɗina 2338 ne, an rufe ni a 2326.40: ku duba min wasiƙar nan kafin in aika

Nasiru Mabera: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema. Juma'ar da ta wuce na sayi zinari, XAUUSD, rabin lot, a kan 2345.00, na sa sitof, wato umarnin a rufe cinikin in farashi ya faɗi, a 2338.00, na tafi masallaci. Da na dawo na tarar an rufe ni a 2326.40. Asarar da na shirya ɗauka dala 350 ce, sai ga 930. Ga abin da na rubuta ma dillalin, in kun ce ya yi sai in mayar da shi Turanci: "Na sa sitof a 2338 kun rufe ni a 2326. Wannan zalunci ne da cin amana. Ku maido min da dala 580 ɗina cikin awa 24, in ba haka ba zan tona asirinku ko'ina." Ya yi ko in ƙara wani abu?

Abba Arkilla: Wa alaikumus salam. Ba netwok ba ne kuwa? Ranar Juma'a da rana sabis na wahala wajen Mabera. Ƙila umarnin bai isa da wuri ba.

Malam Bello: Abba, ba ruwan netwok a nan. A manhajojin ciniki na MT4 da MT5, da zarar ka sa sitof ya zauna a sabar dillali, ko ka kashe waya ka sa aljihu yana nan. Wanda ke buƙatar manhajarka ta kasance a kunne shi ne Trailing Stop, sitof mai bin farashi, shi kam a na'urarka yake aiki. Nasiru, kada ka aika wanga takarda tukun. Ƙarfe nawa anka rufe ka, har da daƙiƙa?

Nasiru Mabera: History ya nuna 15:30:02. Amma ni ƙarfe uku da rabi na riga na dawo gida, shi ya ƙara rikita ni.

Malam Bello: Wannan agogon saba ne, ba namu ba. Dillalai da yawa suna ajiye sabarsu a GMT+3 lokacin bazarar Turawa, mu kuwa GMT+1 muke, ka ga awa biyu ke tsakani. Ashe 1:30 na rana anka rufe ka, da daƙiƙa biyu. In Juma'ar farkon wata ce, daidai lokacin da Amurka ke sakin rahoton ayyukan yi ke nan, NFP, 8:30 na safe agogon New York. Wurinmu yana faɗowa 1:30, in sun juya agogonsu a Nuwamba ya koma 2:30, duk dai lokacin da muke masallaci.

Nasiru Mabera: Juma'ar farko ce, Malam.

Ɗan Gawon Nama: To ai magana ta ƙare. Kowa ya san lokacin labari farashi na zamewa, kuma yana rubuce a takardar da ka danna ka yarda. Ba dillalin da zai biya ka. Ka haƙura kawai, ka daina barin ciniki a buɗe ranar NFP.

Malam Bello: Rabin maganarka gaskiya ce. Sitof ba alkawarin farashi ba ne. Abin da ka ce ma dillali shi ne, in farashi ya taɓa 2338, ka sayar min a farashin da ka samu a kasuwa. In farashi ya yi tsalle daga 2341 ya dira 2326 ba tare da ya tsaya ko'ina a tsakani ba, to 2326 ɗin shi ne haƙƙinka, ba ka da abin nema. Shi ya sa wasiƙar Nasiru za ta faɗi tun a layin farko: tana neman a biya shi a 2338, su kuwa suna da sakin layi a yarjejeniya da ke cewa ba su lamunce wannan ba. Za su liƙo mai shi su rufe maganar.

Inda ban yarda da kai ba shi ne cewa ba abin yi. Tambayar da ta dace ita ce, a wane lokaci Bid, farashin da dillali ke saye daga hannunka, ya fara taɓa 2338, nawa ne farashin farko bayan nan, kuma me ya sa ba a rufe shi a kansa ba? Tsalle daban, jinkiri daban. Har yanzu ba mu san wanne ya same shi ba, shi ma bai sani ba.

Hajiya Luba: Nasiru, ɗana, ka cire "zalunci" da "tona asiri". Wanda zai buɗe saƙon ma'aikaci ne da ke da ɗaruruwan irinsa, yana neman lamba da lokaci ne don ya tura ma masu duba cinikin. In bai ga lambar tikiti ba zai ba ka amsar da aka riga aka rubuta ma kowa. Kuma kafin komai, yau ɗin nan ka buɗe Client Agreement ɗinku ka nemi sashen ƙorafi. Wasu kamfanonin 'yan kwanakin aiki kaɗan suke bayarwa a kawo ƙorafi kan ciniki, in sun wuce su ce ka amince. In kwanakin sun kusa ƙarewa, ka aika layi biyu yanzu: ina ƙorafi kan tikiti kaza, cikakken bayani na tafe.

Nasiru Mabera: Na duba Hajiya, kwana biyar na aiki ne. Yau Litinin, da saura. Malam Bello, ta ya zan gane tsalle ne ko jinkiri? Kandir ɗin minti ɗaya a jadawalin farashi dogo ne ja kawai.

Malam Bello: Kandir ba zai gaya maka ba, farashi huɗu kawai yake riƙewa: buɗewa, sama, ƙasa, rufewa. Abin da ya faru a cikin minti ɗin sai tik, wato kowane motsi guda na farashi. Waya ba ta fiddo shi, sai ka samu kwamfuta mai MT5, ka shiga da asusun nan naka na gaske, ba na gwaji ba, don farashinsu kan bambanta. Danna Ctrl+U, ka zaɓi XAUUSD, ka shiga Ticks. Ka sa ranar, daga 15:29 zuwa 15:32 agogon saba, ka danna Request, sannan Export Ticks. Zai ba ka fayil mai lokaci har da ɗigon daƙiƙa, da Bid, da Ask wato farashin da dillali ke sayar maka. Kai saye ka yi, don haka layin Bid za ka bi, da shi ake rufe mai saye. Sannan a History ka duba cinikin rufewar, wurin Comment za ka ga an rubuta [sl 2338.00]. Ka ɗauki hotonsa, shi ne shaidar cewa sitof ɗin ne ya tashi, ba kai ka rufe da hannu ba, ba kuma ƙarancin kuɗin jingina ya sa anka rufe ka ba. Ka kunna Show Milliseconds a nan don lokacin ya fito cikakke.

Kawu Sani: Tunda ana maganar, ni ma nawa ya ɗaure min kai. Na sayar da GBPUSD, wato fam da dala, sitof ɗina na sama, da dare wajen ƙarfe goma aka rufe ni alhali kandir bai ko kai wurin ba, saura kusan fif shida, wato ƙananan matakan farashi shida. Wannan ai farautar sitof ce tsantsa. In haɗa ƙorafina da na Nasiru?

Malam Bello: Kawu, naka wani ciwo ne daban. Jadawalin da kake kallo da Bid ake zana shi, mai sayarwa kuwa da Ask ake rufe shi. Ƙarfe goma na dare wurinmu shi ne biyar na yamma a New York, lokacin da ake juya ranar ciniki, bankuna kan janye na 'yan mintoci, tazarar Bid da Ask ta buɗe sosai. Ask ya hau ya taɓa sitof ɗinka, kandir bai nuna ba. Ka kunna layin Ask a saitin jadawali, ka fiddo tik kamar yadda na faɗa. In Ask ɗin ya taɓa, ba ka da ƙara. In bai taɓa ba, taka ta fi ta Nasiru ƙarfi nesa ba kusa ba. Amma kada ku haɗa, kowane tikiti da wasiƙarsa.

Usman Gidan Igwai: Ni dai tambayata, wannan ciniki na zinarin da ba ka riƙe a hannu ba, malamai sun ce ya halatta?

Hajiya Luba: Tambaya ce mai nauyi Usman, kuma ta cancanci zaurenta. Ka buɗe ta daban mu gayyato masu ilimin. Nan bari mu gama ma yaron nan takardarsa, kwanakinsa na ƙirge.

Nasiru Mabera: Na samu kwamfutar ƙanena na fiddo. Layukan na da yawa, ga waɗanda suka shafi wurin:

```
15:30:00.412  Bid 2341.20
15:30:01.050  Bid 2337.10
15:30:01.310  Bid 2334.80
15:30:01.940  Bid 2330.55
15:30:02.870  Bid 2326.40
```

Akwai wasu tik goma sha ɗaya tsakanin na biyu da na ƙarshe, duk suna sauka. Lokacin rufewata 15:30:02.870.

Malam Bello: Madalla. Yanzu kana da abin rubutawa. Duba da kyau. Daga 2341.20 farashi ya tsallake sitof ɗinka ya dira 2337.10. Wannan ɗan tsallen na santi 90 naka ne, ba mai biyan ka shi, don 2338.00 bai taɓa fitowa a kasuwarsu ba. Sitof ɗinka ya tashi a 15:30:01.050. Amma ba a cika shi ba sai 15:30:02.870, daƙiƙa ɗaya da ɗigo 82 bayan nan, kuma a tsakanin, su da kansu sun nuna farashi fiye da goma da duk sunka fi wanda anka ba ka. A kasuwa mai gudu irin wagga, daƙiƙa biyu tafiya ce mai nisa.

Lissafin kuwa: lot guda na zinari oza 100 ne, naka rabi, oza 50, ka ga kowace dala guda ta motsi dala 50 ce a asusunka. Daga 2337.10 zuwa 2326.40 dala 10.70 ne. Sau 50, dala 535. Wannan za ka nema, ba 580 ba. Dala 45 ɗin da ka bari ita za ta nuna musu ka fahimci yadda sitof ke aiki, sai su rasa inda za su liƙa maka wancan sakin layin.

Ɗan Gawon Nama: Malam, da girmamawa, tik ɗin nan farashin nuni ne kawai. Ba ya nufin akwai mai saye a 2337.10 da zai ɗauki oza 50. Lokacin NFP bankunan da ke ba su farashi kan ƙi karɓar umarni, a sake turawa, a sake ƙi. Hakan ma na cin daƙiƙa biyu ba tare da an cuci kowa ba.

Malam Bello: Wannan gaskiya ne, kuma ita ce amsar da ta fi ƙarfi a hannunsu. Ban ce an cuce shi ba. Na ce akwai gibin da su ne za su bayyana shi. In bankin ya ƙi, akwai rubutaccen tarihin ƙin a wurinsu da lokacinsa, su nuna. In kuwa ba su tura cinikin ko'ina ba, su ne abokan cinikinsa a cikin gida, to ba bankin da ya ƙi, sai a tambaye su mi ya riƙe umarnin. Shi ya sa dole a karanta Order Execution Policy kafin a rubuta, a ga mi sunka ce game da kansu. Kuma oza 50 ba wani kaya ba ne a kasuwar zinari.

Ɗan Gawon Nama: A daƙiƙar farko ta NFP kowane kaya babba ne. Ni dai ina ganin da wuya ya samu.

Hajiya Luba: Zai yiwu bai samu ba, amma tambayar ba ta banza ba ce. A 2014 hukumar FCA ta Birtaniya ta ci FXCM tarar fam miliyan huɗu, babban dalilin shi ne in farashi ya zame ta inda zai amfani mai ciniki sai kamfanin ya riƙe ribar, in ya zame ta inda zai cutar da shi sai a ɗora masa. Don haka Nasiru, ka duba tarihin cinikinka na wata shida. In duk sitof ɗinka na zamewa ƙasa, amma ba ko sau ɗaya da Take Profit, umarnin rufewa da riba, ya cika a farashin da ya fi wanda ka sa, ka ambata a layi guda. In babu irin wannan, kada ka ƙirƙira. Ɗan Gawon Nama kuma yana da misali a gefensa: ranar 15 ga Janairu 2015, da babban bankin Suwizalan ya janye kariyar 1.20 a EURCHF, wato farashin yuro da kuɗin Suwizalan, sitof ɗin mutane ya cika nesa ƙwarai don babu mai saye sam, har Alpari ta Birtaniya ta durƙushe. Wancan tsalle ne na gaske. Naka tik ya nuna matakala ce farashin ya bi.

Nasiru Mabera: Na karanta takardar. Sashe na 7.3 ya ce in sitof ya tashi za a cika shi a farashin farko da ake da shi. Wani sashen kuma ya ce lokacin labarai ana iya samun zamewa da jinkiri.

Malam Bello: To 7.3 shi ne sandarka. Ga yadda zan tsara ta, kai ka mayar Turanci mai sauƙi. A kan saƙon ka rubuta Formal Complaint, sai lambar asusu da lambar tikiti. Kalmomin nan biyu na da amfani, don su ke sa a ba ƙorafi lamba a fara ƙirga masa kwanaki. Ka aika ta imel ɗin sashen ƙorafi da ke cikin yarjejeniya, daga imel ɗin da ka yi rajista da shi. Hirar nan ta kai tsaye da ke shafinsu ba a dogara da ita, tana ɓacewa.

"Ina shigar da ƙorafi kan yadda aka cika sitof na tikiti mai lamba kaza, a asusu mai lamba kaza. Na sayi XAUUSD, lot 0.50, a 2345.00, da sitof a 2338.00. An rufe cinikin ranar kaza, 15:30:02.870 agogon sabarku, a 2326.40.

Na san sitof ba ya lamunce farashin da aka sa, kuma ba na neman a cika min a 2338.00. Bisa tik ɗin da na sauke daga sabarku, wanda na haɗa da wannan saƙo, Bid ya fara sauka ƙasa da sitof ɗina a 15:30:01.050, a kan 2337.10. An cika umarnin daƙiƙa 1.82 bayan haka, kuma a tsakanin kun nuna farashi fiye da goma da suka fi 2326.40. Sashe na 7.3 na ƙa'idarku ya ce za a cika a farashin farko da ake da shi.

Ina neman ku ba ni tarihin saba na wannan umarni, mai nuna lokacin da ya tashi, lokacin da aka tura shi, da lokacin da aka cika shi. In an tura shi ga mai ba ku farashi ya ƙi karɓa, ku nuna lokutan ƙin. In ba za a iya bayyana jinkirin ba, ina neman a gyara farashin rufewa zuwa 2337.10, a mayar da dala 535 cikin asusuna a matsayin kuɗin da ake iya cirewa. Ku tabbatar da samun wannan saƙo, ku ba ni lambar ƙorafi da ranar da zan samu amsa ta ƙarshe a rubuce."

Shi ke nan. Ka haɗa fayil ɗin tik yadda ya fito, kada ka taɓa shi, da hoton History, da bayanin asusu na ranar.

Abba Arkilla: Me ya sa aka ce "kuɗin da ake iya cirewa"? Kuɗi ai kuɗi ne.

Hajiya Luba: Don wani lokaci su kan ce sun ba ka don kyautatawa, sai ka ga sun sa shi a Credit maimakon Balance. Za ka iya ciniki da shi amma ba ka fitar da shi, wani ma sai ka yi cinikin lot kaza. Ya karanta sharaɗin kafin ya ce ya yarda, don karɓar kan rufe ƙorafin.

Abu na biyu, Nasiru, duba shafin farko na yarjejeniyar ka gaya mana sunan ƙasar da kamfanin da ka ƙulla da shi yake. Ba tambarin da ke shafinsu ba. Kamfani ɗaya kan samu rassa uku ko huɗu, ya yi talla da lasisin Birtaniya, amma 'yan Najeriya a rubuta su ƙarƙashin reshen wani tsibiri. In na Birtaniya ne, suna da mako takwas su ba ka amsa ta ƙarshe, daga nan kana da wata shida ka kai wa Financial Ombudsman Service, kuma kyauta ne.

Nasiru Mabera: Seychelles ne Hajiya. A ƙasan shafin kuma sun ce su mambobin Financial Commission ne.

Malam Bello: To Birtaniya ta fita. Hukumar da ta ba su lasisi a can ita ce FSA, ana kai mata ƙorafi bayan an gama da kamfani. Financial Commission kuwa ba gwamnati ba ce, ƙungiyar sasanci ce da dillalai ke shiga da kansu, amma tana duba irin wanga rikici na farashi, tana da asusun diyya har yuro 20,000 kan ƙorafi guda. Ka shiga shafinta ka tabbatar sunansu na cikin jerin mambobi a yanzu, kada ka tsaya ga tambari. Kwana 45 take bayarwa daga ranar da abin ya faru, kuma sai ka fara bi ta kamfanin. Ka rubuta ranar a wani wuri, don jan ƙafa da "muna dubawa" na iya cinye ta.

Kawu Sani: Ya kira bankinsa kawai su janyo kuɗin da ya tura da kati.

Hajiya Luba: A'a Kawu. Kuɗin ya isa inda ya tura shi, ya yi ciniki da shi, banki ba zai ga laifi ba. Kamfanin kuma na iya daskarar da asusun duka da sauran kuɗinsa a ciki.

Ɗan Gawon Nama: Gaba dai ya riƙa amfani da Sell Stop Limit, ba za a cika shi ƙasa da inda ya ce ba.

Malam Bello: Ba za a cika ƙasa ba, amma ana iya ƙin cikawa gaba ɗaya, farashi ya wuce ya bar shi da cinikin a buɗe yana zuba. A rana irin ta Juma'ar nan da ya fi haka muni. Mai lamunce farashi shi ne sitof mai garanti, wasu dillalai ke sayar da shi da ƙarin kuɗi, ba kowa ke da shi ba.

Nasiru Mabera: Na aika jiya da dare. Yanzu amsa ta shigo, sun ba ni lambar ƙorafi, sun ce an cika umarnin "a farashin kasuwa lokacin tsananin motsi", sun liƙo sashen zamewa. Ba su ce komai kan daƙiƙa 1.82 ba, ba tarihin saba.

Ɗan Gawon Nama: Abin da na faɗa ke nan.

Malam Bello: Ba su amsa tambayar ba tukun. Ka mayar a kan saƙon nan, kada ka buɗe sabo. Layi uku: na karɓi amsarku, ba ta taɓo jinkirin da ke tsakanin 15:30:01.050 da 15:30:02.870 ba, ina sake neman tarihin saba na umarnin. Sannan ka tambaye su kai tsaye ko wannan ita ce amsarsu ta ƙarshe, don in ita ce kana son ta a rubuce ka haɗa da takardun da za ka kai gaba. Yau kwana nawa ke nan daga Juma'ar?

Nasiru Mabera: Biyar, Malam. Bari in rubuta yanzu, in sun turo tarihin zan liƙo shi nan ku duba min lokutan.